Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙwaro Don Masani Ya Iya Gane Shi

Yawancin hotunan ƙwari da manoma da ɗalibai ke tura wa malaman gona iri ɗaya ne: hoto guda, daga nesa, an ɗauke shi a karkace, ƙwaron ya zama ɗan ɗigo a tsakiyar ganye, sannan a rubuta “wane ƙwaro ne wannan, wane magani zan fesa?” Masanin da ya san aikinsa ba zai faɗi suna da wannan ba, in kuma ya faɗa to cinta ya yi. Ba launi ko kyan hoto ake dubawa ba. Ana duba wasu ƙananan alamomi ne da ke zaune a wurare sanannu a jiki, kuma kowane wuri da kusurwar da ke nuna shi. Mai sayen ragon layya ba ya biya don ya hango shi daga bakin kara. Sai ya zagaya shi, ya duba baya, ya duba gefe, ya buɗe baki ya ga haƙora. Haka za ka yi wa ƙwaro da wayarka.

Kayan aiki

Waya mai kyamara, kowace iri, muddin ka goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Maiƙon yatsa da ƙurar hunturu sun fi ƙarancin kuɗin waya ɓata hoto.

Rula mai layin milimita. Wannan ita ce ta biyu a muhimmanci bayan wayar. In babu, ka yi amfani da abin da girmansa ba ya canzawa, kamar tsohon katin layin waya: ƙaramin nan na wayoyin yanzu tsawonsa milimita 12 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa kusan 9. Tsinken ashana ma yana yi a lalura, amma ka auna shi daga baya ka faɗi tsawonsa, domin kowane kamfani da nasa.

Farar takarda ɗaya, da guntun kwali mai ruwan toka ko ruwan ƙasa. Kwalba ko roba mai haske da murfi, wadda aka wanke tas. Gashin kaza ko tsinken tsintsiya na juya ƙwaro. Tocila, da takardar goge hannu mai laushi da za ka rufa mata.

In da hali, ka nemi ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙala wa waya a kan kyamara, masu sayar da kayan waya suna da shi. In ba ka samu ba, madubin ƙara girma na hannu irin na masu gyaran agogo da waya yana aiki: ka manna shi a jikin kyamarar ka riƙe su tare. Ƙwaron da ya kai santimita ɗaya ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Wanda bai kai rabin santimita ba, kamar ƙwarin rumbu da sauro, sai da su.

1. Ɗauki hoton farko tun kafin ka taɓa komai

Da ka ga ƙwaron, ka ɗauke shi daga inda kake tsaye, ko da hoton bai yi kyau ba. Sannan ka matsa taku ɗaya ka sake ɗauka, ka sake matsawa. In ya tashi, aƙalla kana da wani abu a hannu. Wannan hoton na farko yana da nasa amfanin: yana nuna shukar da ƙwaron ke kai, ɓangaren da yake ci, da yadda yake zama. Ƙwari da yawa shuka ɗaya ko danginta kawai suke ci, don haka ganin furen wake ko kan masara a cikin hoto yana rage wa masani rabin aikin.

Ka matso daga gefe ko daga baya, a hankali, kada inuwarka ta faɗa masa. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne da sassafe, kafin rana ta ɗumama su. Farar da ba za ta bari ka kusance ta da azahar ba, da sanyin safiya sai ka sa hannu ka ɗauke ta.

2. Saita wayar

Babbar kyamarar yawancin wayoyi ba ta iya fito da abin da ya matso ƙasa da kimanin santimita 10. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya kai wayar har kan ƙwaron, sai ganyen da ke baya ya fito tar, ƙwaron kuma ya yi dishi-dishi. Ka ja baya zuwa kamar tsawon tafin hannu, ka danna 2x, ka tsaya nan. Janyo hoto fiye da haka da yatsu biyu ba ya ƙara komai, yana baza abin da ke akwai ne kawai. Gara ka ɗauka daga ɗan nesa ya fito sarai, ka yanke gefen daga baya.

Ka taɓa jikin ƙwaron a fuskar wayar don kyamara ta san shi kake nufi. A wayoyi da yawa, in ka danne wurin na ɗan lokaci saitin zai kulle, a wasu ma za ka ga an rubuta AE/AF Lock. Da ya kulle, ka daina taɓawa, ka riƙa matsar da wayar gaba da baya kaɗan-kaɗan har alamar da kake so ta fito, sannan ka ɗauka sau biyar ko shida. Ɗaya zai yi. In wayar ta nace sai ganyen baya, ka sa kwalin nan ko tafin hannunka a bayan ƙwaron.

Wasu wayoyi masu sauƙin kuɗi suna da wata ƙaramar kyamara ta daban mai suna Macro. Ka gwada ta a kan rubutun takardar kuɗi, ka gwada babbar kyamara da 2x, ka kwatanta. Sau da yawa babbar ce ke cin gasa.

Abu ɗaya na ilimin hoto ya kamata ka riƙe. Idan ka matso kusa, kaurin wurin da ke fitowa sarai bai fi ’yan milimita ba. Duk abin da ya fi wannan kusa ko nisa zai dushe. Shi ya sa dole bayan wayar ya yi daidai da shimfiɗar abin da kake ɗauka, kada kai ya fi wutsiya kusa da kyamara. Wannan ita ce dokar da ke ƙarƙashin duk kusurwoyin da za su biyo baya.

3. Gyara haske

Inuwa mai haske ta fi rana tsaka. Rana tana sa jikin ƙwaro mai sheƙi ya yi fari fat a daidai inda ɗige-ɗigen suke, ta kuma jefa baƙar inuwa ƙarƙashinsa ta haɗiye ƙafafu. Ka koma gindin bishiya ko bakin zaure, ko wani ya tare maka rana da jikinsa. Filashar waya ba ta da amfani a kusa, domin tana gefen kyamara kuma ta yi ƙarfi. Da dare ka rufa wa tocila takarda mai laushi, wani ya haska daga gefe, ka jingina farar takarda a ɗaya gefen ta maido da haske.

Baƙin ƙwaro a kan farar takarda yakan fito baƙi ƙirin babu komai a jikinsa, saboda kyamara ta rage haske don farin da ya cika hoton. Ka mayar da shi kan kwali mai ruwan toka, ko ka ja alamar rana da ke fitowa bayan ka taɓa fuskar wayar ka ƙara haske. Fari ko koren ƙwaro kuwa ya fi fitowa a kan abu mai duhu.

4. Kama shi, ka sa ya natsu

Ka kifa kwalba a kansa, ka zura takarda ta ƙasa. Kada ka fesa masa maganin ƙwari, kada ka zuba masa kananzir, kada ka take shi. Ƙwaron da ya mutu ta haka yana naɗe ƙafafu, launinsa yana juyawa, gashin jikinsa yana mannewa. Sanyi shi ne dabara: minti biyar zuwa goma a firji, ba a wurin ƙanƙara ba, sai ya yi laushi ya ba ka kamar minti ɗaya ko biyu kafin ya farfaɗo. Ka shirya takarda da rula da waya tun kafin ka fito da shi. In babu wuta, ka tsoma kwalbar a rufe cikin ruwan ƙanƙara na masu sayar da lemo. Ruwan randa ba ya kai wannan sanyin, amma yana rage masa zafin nama.

Hoto ta cikin kwalba yana yiwuwa in ka manna kyamarar a jikinta inda ya miƙe, kuma hanya ce mai kyau ta ganin cikin ƙwaron yayin da yake hawa bango. Rina, zanzaro, tsutsa mai gashi, da ƙwarin nan masu ja da baƙi ko rawaya da baƙi da ke cin furen wake da gero, waɗanda ruwan jikinsu ke tayar da bororo a fata, duk a cikin kwalba za ka ɗauke su. Kada ka sa hannu.

5. Kusurwoyi uku da ba a tsallakewa

Na farko, baya, daga sama kai tsaye. Kyamara a saman tsakiyar ƙwaron, dukan jiki a cikin hoto, tun daga ƙarshen eriya, wato zare biyun nan da ke kansa, har zuwa ƙarshen ƙafar baya, rula a kwance a gefensa. Wannan hoton shi ke nuna siffar jiki, yadda fikafikai ke haɗuwa, da zanen da ke kan sirdi, wato farantin da ke tsakanin kai da fikafikai. Ko haɗuwar fikafikai kaɗai tana raba manyan dangi biyu: in sun haɗu a miƙaƙƙen layi a tsakiyar baya kuma suna da tauri, dangin buzuzu ne masu tauna. In sun hau juna a ƙarshe, rabin gaba mai kauri rabin baya mai laushi, dangin masu tsotso ne, irin masu shanye kwanson wake. Rular ta zauna a tsayi ɗaya da ƙwaron. In ka riƙe ta a sama kusa da kyamara, ƙwaron zai fito ƙarami fiye da yadda yake.

Na biyu, gefe. Ka sauke wayar har ta yi daidai da tsayin ƙwaron, kamar kana kallonsa ido da ido daga haƙarƙari. Mutane sun fi ƙyuyar wannan domin sai an durƙusa, kuma shi ne ke nuna abubuwan da sama ke ɓoyewa: tudun sirdi, tsawon fiffike in an gwada da ciki, ƙayoyin ƙafa, tsinken baki da ke naɗe ƙarƙashin ƙirji, da yawan ƙafafun tsutsa. In kyamarar tana saman wayar, ka juya wayar ƙasa-sama don gilashin ya sauka kusa da takardar.

Na uku, fuska. Daga gaba, ka saita a kan idanu. Ana son a ga girman idanu da tazarar da ke tsakaninsu, inda eriya ta tsiro, da irin baki. Akwai ƙudaje masu rawaya da baƙi da ke shawagi kan fure, mutane na ɗaukarsu ƙudan zuma. Hoton fuska yana warware wannan nan take: ƙuda idanunsa sun kusa cinye kan duka kuma eriyarsa gajeriya ce ƙwarai, ƙudan zuma eriyarsa doguwa ce mai gwiwa. Hoton baya kuma zai nuna fikafikai biyu ga ƙuda, huɗu ga ƙudan zuma, ko da yake nasa sukan manne su yi kamar biyu.

In ƙwaron yana hannunka, ka ƙara na huɗu: ka kifar da shi da gashin kaza ka ɗauki cikinsa.

6. Hoton kusa na alamar da ke yanke hukunci

Kusurwoyi uku suna kai masani ga dangi. Sunan ƙwaron kansa yakan dogara ne da alama ɗaya ko biyu, kuma wurinsu ya bambanta daga dangi zuwa dangi. Ga misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ka shiga gonar masara mai mako huɗu, ka tarar ganye ya yayyage, cikin kan masarar inda sabon ganye ke nannaɗe ya cika da kashi mai kama da garin katako. Zargi na farko shi ne tsutsar nan da aka fara ganinta a Afirka ta Yamma, har da Najeriya, a farkon 2016, wadda masana ke kira Spodoptera frugiperda. Amma ba ita kaɗai ke cin masara ba. Akwai masu huda kara da muka daɗe da su, akwai kuma wadda ke cin tumatir da auduga ta kan shiga goyon masara. Lokacin fesa da yadda ake tunkararsu ba ɗaya ba ne, don haka sunan yana da kuɗi a kansa.

Hoto na ɗaya: shukar duka daga taku biyu, a ga girmanta da ganyen da aka ci. Na biyu: ka leƙa cikin kan masarar daga sama, a ga kashin da yanayin hujin. Sannan ka buɗe ganyen a hankali ka zaro tsutsar. Ka zaɓi mafi girma da za ka samu, mai santimita 2 zuwa 4. Ƙanana masu ’yan milimita, waɗanda ke kankare ganye su bar fatar sama kawai, alamominsu ba su gama fitowa ba, kuma wayarka ba za ta kama su ba. In za ka tara da yawa, kowace da robarta, domin manyan suna cinye ’yan uwansu.

Ka ɗora ta kan kwali, ka share kashin da ya manne mata da gashin kaza. Za ta dunƙule. Kada ka miƙe ta da ƙarfi, ka jira minti ɗaya ta warware ta fara tafiya. Yanzu hoto na uku: baya daga sama, da rula. Za a ga siraran layuka masu haske da suka bi tsawon bayanta, da baƙaƙen ɗige-ɗige a kowace gaɓa, kowane ɗigo da gashi ɗaya. Kada ka damu da launin jiki. Wannan tsutsa tana zuwa koriya, tana zuwa ruwan ƙasa, tana zuwa kusan baƙa, duk a gona ɗaya.

Hoto na huɗu shi ne kai, kuma daga gaba ake ɗaukarsa, ba daga sama ba. Ka ajiye wayar a gabanta ka bar ta ta taho wurinka. Abin da ake nema shi ne farin zane mai siffar harafin Y a kife a tsakiyar fuska. Daga sama tsutsar kan sunkuyar da kai, fatar wuya ta rufe rabin zanen, shi ya sa hotuna da yawa ba sa nuna shi.

Hoto na biyar shi ne mafi nauyi, kuma shi aka fi mantawa da shi domin kowa kai yake bi. Ka koma wutsiya, ka ɗauki gaɓa ta biyun ƙarshe daga sama kai tsaye. A wannan tsutsa akwai manyan ɗigo huɗu a wurin da suka tsaya murabba’i, tazarar biyun gaba daidai da ta biyun baya. A sauran gaɓoɓin ɗigon huɗu ne su ma, amma biyu sun fi biyu matsuwa. A nan dokar daidaita waya ke da haƙora: in ka karkata, murabba’in zai fito a matse ta gefe ɗaya, ya yi kama da na sauran gaɓoɓi, masani ya kasa tabbatarwa. Ka sa gaɓoɓi uku na ƙarshe su shiga hoton tare don a kwatanta. Zanen kai kaɗai ba ya isa, saboda wasu danginta ma suna da mai kama da shi. Zanen kai da murabba’in wutsiya tare, a kan tsutsar da aka zaro daga kan masara, su ne ke rufe magana.

Hoto na shida, gefe. A ƙirga ƙafafu: uku-uku na gaske kusa da kai, sai masu taushi guda huɗu a jere a tsakiyar ciki ta kowane gefe, sai na wutsiya. Tsutsar da ke da biyu ko ɗaya kacal a tsakiyar kuma tana tafiya tana lanƙwasa baya, wani dangi ne daban. In kuwa abin da ka zaro jikinsa sumul ne, fari-fari ko mai ɗan ja-ja, babu layuka babu manyan ɗigo, kuma ka same shi cikin rami a karan, to wajen masu huda kara za a duba. Sai ka tsaga karan a tsaye ka ɗauki ramin da tsutsar a ciki.

In ka ga ƙwai, ka juya ganyen ka ɗauke su da rula. Na wannan tsutsa a tare suke, ɗari ko fiye a wuri ɗaya, an lulluɓe su da wani gashi-gashi mai ruwan toka.

Fara ita ce ta biyu da ta cancanci a tsaya a kanta, musamman ga manoman gero na kan iyakar Najeriya da Nijar, domin ganin babbar fara yakan tayar da hankali a ce farar hamada ce ta iso. Hoton gefe da na baya suna da amfani, amma alamomin da suka fi ƙarfi a ɓoye suke. Ka riƙe ta a ƙirji ta gefe biyu, ƙafafun baya a haɗe ƙarƙashin yatsunka. In ka kama ƙafa ɗaya za ta bar maka ita ta tsere. Ka ɗaga fiffiken sama ka tura shi gaba, ka ja na ƙasa ya buɗe gaba ɗaya, wani ya ɗauka da farar takarda a baya. Farar hamada, Schistocerca gregaria, fiffikenta na ƙasa ba shi da baƙin zane. Farar bishiya da ake yawan rikita su, wadda ita ma babba ce, tana da duhun zane a nata. Ƙaramar farar nan mai ɓarnar gero, Oedaleus senegalensis, mai santimita 3 zuwa 4, tana da baƙin zane mai lanƙwasa a fiffiken ƙasa, da alama mai siffar X a kan sirdi, wadda hoton sama kai tsaye ne kawai ke nuna ta. Daga nan ka kifar da ita ka ɗauki tsakanin ƙafafun gaba biyu: farar hamada da farar bishiya suna da ɗan tsiro kamar turke a wurin, ita kuwa ƙaramar ba ta da shi. Ka ƙare da cikin cinyar baya da ƙaurinta, domin launinsu yana raba nau’o’i da yawa. In farar a tarin gaske ka gan ta, hoton nesa da ke nuna yawanta da launinta ya fi kowane gaggawa, ka kai shi ga malamin gona a ranar.

Sauran a taƙaice. Masu tsotsar kwanson wake: baya daga sama don ƙayoyin kafaɗa, da cinyar baya daga gefe, domin kumburinta da ƙayoyinta ne ke raba su. Sauro: gefe, yana zaune a bango kafin ka taɓa shi. Mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, Anopheles, yana ɗaga bayansa sama ya karkace daga bango, sauran suna kwantar da jiki kusan daidai da shi. Mai fararen zobba a ƙafa kuwa, ka ƙara hoton bayan ƙirjinsa daga sama. Tsando: baya daga sama, a ga fikafikan sun hau juna ɗaya bisa ɗaya da tsinken baki a miƙe gaba, sannan fiffike ɗaya a kusa don jijiyoyinsa, inda akwai wani gurbi mai siffar gatari. Malam-buɗe-littafi: fiffike a buɗe da fiffike a rufe, domin zanen ƙasa daban ne da na sama. Ƙwarin rumbu: gefe, da gilashin ƙara girma, a ga ko yana da dogon hanci ko kansa a ɓoye yake ƙarƙashin sirdi, tare da hoton hatsin da ya huda.

7. Duba kafin ka sake shi

Ka buɗe kowane hoto ka faɗaɗa shi da yatsu a kan alamar da kake nema. Hoton da ya yi kyau a ƙaramar fuskar waya yakan zama hazo in an faɗaɗa. In komai na hoton ya dushe, hannunka ne ya motsa ko haske ya yi kaɗan: ka jingina gwiwar hannu a ƙasa, ko ka ɗora wayar a kan kofi ka bar kyamarar ta leƙo ta gefe, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku. In wani ɓangare ya fito wani ya dushe, kusurwa ce ta karkace. In ganye ya fito ƙwaro ya dushe, kusancin ne ya yi yawa, ka ja baya. Kada ka saki ƙwaron sai ka ga layin milimita na rula da gashin jikinsa duka sarai a hoto ɗaya.

8. Aikawa

Ka zaɓi hotuna biyar zuwa bakwai, mafi kyau ɗaya daga kowace kusurwa. Ka yanke gefen da babu komai, amma ka bar rula a ciki. Kada ka sa wa hoton kwalliyar launi, kuma ka kashe saitin gyaran fuska, domin yana goge ƙananan ɗige-ɗigen da ake nema. WhatsApp yana matse hoto in ka tura shi ta hanyar da aka saba, ƙananan alamomi su narke. Ka tura ta Document, ko aƙalla ka danna HD. Ƙwaro ɗaya a saƙo ɗaya. In ka haɗa tsutsa uku daban-daban ba wanda zai san wane kai ne na wace wutsiya.

Ka rubuta abin da hoto ba ya faɗa: gari da ƙaramar hukuma, kwanan wata, shuka da makonninta, ɓangaren da aka samu ƙwaron, tsawonsa da milimita, da yawansu, misali shuka nawa cikin ashirin da ka duba ke ɗauke da shi. In an yi feshi kwanan nan, ka faɗa.

Akwai inda hoto ke tsayawa komai kyansa. Sauron Anopheles gambiae da ’yan uwansa na kusa kamanninsu ɗaya ne, sai gwaji a ɗakin bincike ke raba su. Ƙwaron masara mai dogon hanci da takwaransa na shinkafa ma sai an buɗe cikinsu ake tabbatarwa. Saboda haka in abin ya shafi gona babba ko hatsi mai yawa, ka ajiye samfuri bayan hoton. Mai taurin jiki ka sa shi a ƙaramar kwalba da sifirit na kemis mai ƙarfin kashi 70. Tsutsa kuwa ka fara tsoma ta a ruwan da ya tafasa aka sauke na kamar minti ɗaya, sannan ka sa ta a sifirit, in ba haka ba za ta yi baƙi ta motse. Ka rubuta wuri da kwanan wata da fensir a guntun takarda ka jefa cikin kwalbar, domin sifirit yana wanke tawadar biro.